An aiwatar da shawarwarin odita, asara ba ta tsaya ba: nazarin wani kamfanin shinkafa

## Kamfanin da aikin da aka ba odita

Kamfanin matsakaici ne, yana sarrafa shinkafa a wajen gari, yana sayen shanshera daga dillalai da ƙungiyoyin manoma. Kaya suna zuwa a tirela da manyan motoci. Mota takan hau sikeli da kayanta, a sauke a sito, ta sake hawa ba kaya, a fitar da nauyin shinkafar, sannan ofishin akanta ya biya. Sashen binciken cikin gida mutum biyu ne kawai: odita, wata mace da ta daɗe a aikin, da mataimakinta. Rahotonsu yana zuwa ga kwamitin binciken kuɗi na hukumar daraktoci, wanda yake zama duk bayan wata uku. An sakaya sunan kamfanin, an kuma daidaita alƙaluman don lissafi ya yi sauƙin bi.

Kwamitin ya nemi a binciki sayen shanshera na kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, saboda shinkafar da take fita daga injin ba ta kai abin da ake tsammani daga nauyin da aka biya kuɗinsa ba. Dokar saye ta kamfanin a rubuce take: kowace mota sai an gwada damshin kayanta kafin a sauke, a rubuta sakamakon a tikitin sikeli, kuma idan damshin ya haura kashi 14 cikin 100 a rage nauyin da za a biya. Kashi 14 shi ne matakin da aka saba ajiye shanshera a kai ba tare da ta yi fumfuna ba. Duk abin da ya haura haka ruwa ne, zai fita a busarwa, amma a bakin sikeli yana da nauyi kamar hatsi.

## Janairu: rahoton farko

Rahoton ya fito da sashe biyu masu zaman kansu. Sashen farko ya jero abubuwa tara da aka gano. Sashe na biyu, a shafukan ƙarshe, ya jero shawarwari 14. Babu lamba ko alama da ta nuna wace shawara ce ta wane batu. Haka aka gaji tsarin daga rahotannin baya, kuma babu wanda ya taɓa yin ƙorafi a kai.

Batu na uku shi ne mai nauyi. An rubuta shi a jimla biyu: an duba tikitin motoci 60, an tarar 22 ba su da sakamakon gwajin damshi, kuma wannan ya saɓa wa dokar saye. Iyakar abin da aka faɗa ke nan. Ba a ambaci nawa aka biya ba, ba a ce ga abin da ya hana gwajin ba.

A cikin shawarwarin akwai biyu da mai karatu zai iya zaton na wannan batu ne. Ɗaya ta ce a shirya wa ma'aikatan sikeli da na sito horo kan dokar saye. Ɗayar ta ce hukumar gudanarwa ta tabbatar ana bin dokar gwajin damshi sau da ƙafa. Sauran sun haɗa da sa kyamarori a ƙofar shiga, da sayen na'urar rajistar ma'aikata ta yatsa, da sauya manhajar akawu. Babu shawarar da aka sa mata sunan wanda zai ɗauki nauyinta, babu wadda aka sa wa ranar kammalawa. Kwamitin ya karɓi rahoton, ya umarci babban manaja ya aiwatar.

## Fabrairu zuwa Afrilu: abin da manajoji suka yi da shi

Babban manaja bai yi wasa da umarnin ba. Ya cire shafukan shawarwari ya raba wa shugabannin sassa, sashen da ya yi bayanin abin da aka gano kuwa ya tsaya a fayil ɗinsa. Saboda haka manajan sito ya ga an ce a yi horo, amma bai ga motoci 22 da suka sa aka ce a yi ba. An yi horon yini ɗaya, an ɗauki hoto, kowa ya sa hannu a takardar halarta. An fitar da takardar sanarwa an liƙa a ɗakin sikeli. An sa kyamarori. Kafin zaman Afrilu an yi wa shawarwari 11 cikin 14 alamar an kammala.

Mako biyu kafin zaman, mataimakin odita ya ɗebo tikitin motoci 30 na Fabrairu da Maris. Goma sha ɗaya ba su da sakamakon gwaji, kuma duk an biya su cikakken nauyi. A kaka 22 cikin 60 ne, yanzu 11 cikin 30. Lissafin bai motsa ko kaɗan ba, fiye da kashi ɗaya cikin uku a duka biyun.

A zaman, shugaban kwamiti ya ɗora takardun biyu kusa da juna, ta manaja mai cewa an kammala 11, da ta odita mai cewa matsalar tana nan. Ya tambayi odita wace shawara ce cikin 14 ɗin aka rubuta don ta hana mota sauke kaya ba gwaji. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ta huɗu da ta biyar." Babban manaja ya ce, "Su kuwa duka an yi su, ga hoto ga sanarwa." Kowannensu gaskiya ya faɗa. Kwamitin ya ba da mako biyu a kawo takardar da za ta nuna kowace shawara da batun da ta fito daga gare shi.

## Ƙarshen Afrilu: an ja layi tsakanin batu da shawara

Odita ta yi jadawali mai sauƙi, batutuwa tara a hagu, a gaban kowanne shawarar da ta dace da shi. Aikin bai ɗauki yini biyu ba, amma ya tono abin da rahoton ya rufe. Shawarwari huɗu ba su sami wurin zama ba, har da ta kyamarori da ta na'urar yatsa da ta manhaja. Babu wani abu da aka gano a binciken da ya kira su. Ra'ayoyi ne masu kyau da aka ji a wasu wurare aka cusa. Kuma su ne suka fi cin kuɗi a cikin abin da aka aiwatar. A ɗaya ɓangaren, batutuwa biyu sun tsaya ba shawara ko ɗaya a gabansu: buhunan da aka juye ba a ƙirga su, da giɓin da ake samu a man dizal na janareta. Tun Janairu babu wanda ya taɓa su, domin ba su cikin shafukan da aka raba.

An sake fitar da rahoton da sabon tsari, kowace shawara a ƙarƙashin batunta, da lamba iri ɗaya: batu na 3, shawara 3(a) da 3(b). Kalmomin shawarwarin dai ba a sauya su ba. Da babban manaja ya ga yanzu sunan sashen sikeli yana manne da batu na 3 a gaban kwamiti, sai ya ƙara matsa lamba. Aka ba magatakardan sikeli biyu takardar tuhuma, aka gargaɗe su cewa duk tikitin da ya sake fita ba sakamakon gwaji, albashin mai shi zai ji a jikinsa.

A mako ukun farko na Mayu, lokacin da shinkafar rani take shigowa, aka duba tikiti 20. Duka suna da lamba a gurbin damshi. A takarda matsalar ta ƙare. Sai dai mataimakin odita ya lura da wani abu da ya shimfiɗa tikitocin a tebur. Goma sha uku suna da lambobi daban-daban, daga 13 da ɗigo zuwa 17, kamar yadda kayan manoma daban-daban suke bambanta. Sauran bakwai kuwa kowanne an rubuta masa 14.0 daidai, da biro mai shuɗin tawada, alhali sauran bayanan tikitin da baƙi aka cike. Ya duba lokacin da sikeli ya buga a kan bakwai ɗin. Duka bayan ƙarfe shida na yamma ne.

## Mayu: komawa bakin sikeli

Wannan ya sa aka koma kan tsofaffin tikitoci 22 na kaka, aka jera su bisa lokacin isowa, abin da ba a yi ba a Janairu. Goma sha tara sun hau sikeli ne bayan ƙarfe shida. Sauran uku da rana suka zo, amma duka a cikin kwana biyu a jere na watan Nuwamba.

Odita ta je ɗakin sikeli da yamma ta zauna har bayan isha'i. Abin da ta gani ba ya buƙatar dogon bincike. Jami'in gwaji mutum ɗaya ne, yana tashi ƙarfe shida, ya kulle na'urar gwajin damshi a durowarsa domin shi ya sa hannu ya karɓe ta. Sikeli kuwa yana aiki har ƙarfe goma na dare. Motar da ta taso daga nesa takan iso da magariba, direba yana son ya sauke ya juya, 'yan dako suna tsaye suna jiran aikinsu, dillali yana bugo waya. Magatakardan sikeli ya ce mata, "Hajiya, ni na san dokar, da ni aka yi horon. To da me zan gwada? In na tsare mota har safe, ni za a ce na hana kamfani kaya." Game da 14.0 ɗin, bai ɓoye ba: tun da aka ba su takardar tuhuma, da safe yakan cike gurbin da lambar da ba za ta jawo rage wa kowa kuɗi ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Motoci ukun na Nuwamba kuwa, littafin ɗakin gwaji ya nuna a kwanakin nan biyu na'urar ta lalace an kai ta gyara, kuma babu ta biyu.

Saura tambaya ɗaya: ta yaya tikitin da ba shi da gwaji yake wucewa a biya shi? A ofishin akanta akwai jerin takardun da ake dubawa kafin a rubuta baucar biya: tikitin sikeli, takardar shigar kaya sito, da takardar neman biya ta dillali. Damshi ba ya cikin jerin. Mai duba bauca ba ta karya wata doka ba, ba a taɓa ce mata ta duba ba.

Dalilai uku ke nan, kuma babu rashin sanin doka a cikinsu. Horon da aka yi ya koya wa mutane abin da suka riga suka sani.

An kuma tsaya an auna illar, domin rahoton farko bai faɗi ko abin ya kai a damu da shi ba. Nauyin da kaya za su koma idan aka busar da su zuwa kashi 14 ana fitar da shi ne haka:

```
W2 = W1 × (100 − M1) ÷ (100 − 14)
```

W1 shi ne nauyin da sikeli ya nuna, M1 kuma damshin da aka gwada. Tirela mai tan 30 da damshinta ya kai 20 za ta koma tan 27.9, wato an biya kuɗin tan 2.1 na ruwa. Idan damshin 18 ne, za ta koma tan 28.6. A motoci 38 na kaka da aka gwada, matsakaicin abin da aka rage ya kai kusan tan ɗaya a kowace mota. Idan 22 ɗin da ba a gwada ba irinsu ne, an biya kuɗin kusan tan 22 da ba a samu ba, a cikin samfurin kaɗai. Odita ta rubuta wannan a matsayin ƙiyasi, ta faɗi a kan me ta gina shi. Kayan an riga an haɗe su a sito an busar, babu hanyar sanin ainihin damshinsu.

## Yuni: yadda aka sake rubuta batu na 3

Tsarin da ta bi ba sabo ba ne a wannan sana'a. Ƙa'idojin da cibiyar masu binciken cikin gida ta duniya, IIA, ta fitar a Janairun 2024, waɗanda suka fara aiki ranar 9 ga Janairun 2025, sun buƙaci odita ya kwatanta abin da ya tarar da abin da ya kamata, ya nemi tushen matsalar tare da manajoji idan hakan zai yiwu, ya auna illarta, ya kuma sa mata matsayi bisa nauyinta. Ƙa'ida ta 14.4 ta yi magana kan shawarwari da tsarin gyara, ta 15.1 kuma ta ce rahoton ƙarshe ya faɗi wanda zai ɗauki nauyin gyaran da ranar da ake sa ran kammalawa. Ga yadda batun ya fito:

Batu na 3. Ana sauke shanshera a biya kuɗinta ba a gwada damshi ba. Matsayi: babba.

Abin da doka ta ce: a gwada kowace mota kafin sauke kaya, a rage nauyi idan damshi ya haura kashi 14.

Abin da aka tarar: motoci 22 cikin 60 a kaka, da 11 cikin 30 a Fabrairu da Maris, an biya su ba gwaji. A Mayu, tikiti 7 cikin 20 an cike musu lamba bayan an sauke kaya.

Dalili: (a) gwaji yana tsayawa ƙarfe shida, sikeli yana aiki har goma, (b) ofishin akanta ba ya duba damshi kafin biya, (c) na'urar gwaji ɗaya ce.

Illa: ƙiyasin tan 22 da aka biya ba a samu ba a samfurin kaka, da haɗarin jiƙaƙƙen kaya su shiga sito su ɓata na kusa da su.

Daga nan kowace shawara ta ɗauki harafin dalilin da take magancewa. Shawara 3(a) ta ce kada a sauke mota a lokacin da babu mai gwaji a bakin aiki. Shawara 3(b) ta ce a ƙara damshi, da lokacin da aka gwada, da sa hannun mai gwaji, a jerin abin da ake dubawa kafin a rubuta bauca, kuma tikitin da ba shi da su a mayar da shi. Shawara 3(c) ta ce a samar da na'ura ta biyu, a riƙa gwada su biyun a kan kaya ɗaya lokaci-lokaci don a ga ko sun yi daidai.

A kan 3(a) an ɗan yi ja-in-ja, kuma a nan ne ake ganin iyakar aikin odita. Hanya biyu ce: ko a rufe karɓar kaya ƙarfe shida motoci su kwana, ko a sa mai gwaji na dare. Manajan saye ya ƙi ta farko, ya ce dillalai za su karkata zuwa wani kamfani a tsakiyar kaka, lokacin da kowa yake rububin kaya. Ya kawo shawarar a ba magatakardan sikeli na'urar ya riƙa gwadawa da kansa. Odita ba ta yarda da wannan ba, domin mutum ɗaya zai riƙe nauyi da damshi, lambobi biyun da suke yanke kuɗin da za a biya. Ba ta zaɓar musu ba. Ta faɗi sharaɗin da gyaran zai cika: a yi gwaji kafin saukewa, kuma mai gwaji ya zama ba mai awo ba ne. Manajoji suka zaɓi ɗauko wani daga ɗakin busarwa, wanda dama ya iya na'urar, ya riƙa aikin yamma daga ƙarfe biyu zuwa goma a watannin saye. Wannan aka rubuta a matsayin amsar hukumar gudanarwa.

A gaban kowace shawara aka ƙara abubuwa uku: muƙamin mai ɗaukar nauyi, ranar kammalawa, da shaidar da za a duba kafin a rufe. 3(a) ta manajan samarwa ce, zuwa 30 ga Yuni. 3(b) ta babban akanta ce, zuwa 15 ga Yuni. 3(c) ta manajan saye ce, zuwa 31 ga Yuli. Shaidar rufewa ita ce abin da ya fi bambanta da na Janairu. Ba jadawalin aiki ba ne, ba rasit ɗin sayen na'ura ba ne. An rubuta cewa batu na 3 zai rufu ne idan sabon samfurin tikiti na kaka mai zuwa, wanda aƙalla kashi ɗaya cikin uku nasa motocin dare ne, ya nuna an gwada kafin saukewa.

Shawarar horo da ta "tabbatar da bin doka" an cire su gaba ɗaya, domin babu dalilin da suke zaune a ƙarƙashinsa. Odita ta kuma rubuta wa babban manaja cewa binciken bai nuna magatakardan biyu suna da hanyar yin gwajin ba. Cike lambar ƙarya laifi ne dabam, an bar masa hukuncinsa.

## Batutuwan da ba su shiga layi cikin sauƙi ba

Ba kowane batu ne ya ba da dalili tsaf kamar na uku ba. Giɓin man dizal ya ƙi bayyana tushensa. Abin da aka saya da abin da aka rubuta an zuba wa janareta ba su yi daidai ba, amma babu wanda yake auna tankin kullum, don haka ba a iya bambance sata da yoyo da kuskuren rubutu ba. Odita ta rubuta a gurbin dalili cewa ba a tantance ba, kuma ga abin da ya hana. Shawarar da ta biyo baya ba ta ce a sauya mai gadi ko a sa kwaɗo ba. Ta ce a riƙa tsoma sandar awo a tanki safe da yamma, a rubuta tare da awannin da janareta ya yi, har mako takwas, sannan a dawo kan batun.

Wata shawarar kuma ta shafi batu biyu: daidaita littafin sikeli da littafin sito a ƙarshen kowane wata yana magance batu na 2 da na 5. Ba a maimaita ta sau biyu ba, don kada a ƙirga aiki ɗaya a matsayin biyu. An rubuta ta a ƙarƙashin na 2, a na 5 aka ce a duba 2(a), aka kuma ƙara cewa kowane batu da nasa gwajin rufewa.

Batun biyan ƙananan manoma da tsabar kuɗi shi ne wanda manajoji suka ƙi shawararsa. Odita ta so a koma biya ta banki kacokan. Suka ce manoma da yawa ba za su kawo kaya ba sai kuɗi a hannu. Suka amince da sa iyaka ga abin da za a biya mutum ɗaya a rana, da ƙirga kuɗin akwati kullum a gaban mutum biyu. Ba a goge batun ba, ba a kuma rubuta cewa an magance shi ba. An rubuta shawarar, da amsar manajoji, da haɗarin da ya rage, aka kai gaban kwamiti, ya amince a ci gaba a haka.

Shawarwari huɗun nan marasa batu an mayar da su shafin ƙarshe a matsayin abubuwan lura, ba tare da matsayi ko ranar kammalawa ba. Rahoton ya koma batu tara da shawarwari 12.

## Disamba: bin diddigi

An ɗebo tikitin motoci 60 na Oktoba da Nuwamba, 24 daga cikinsu na bayan ƙarfe shida. Wannan karon ba a tsaya ga ganin lamba a gurbi ba. An kwatanta lokacin gwaji da lokacin da motar ta sake hawa sikeli ba kaya, an kuma kwatanta tikitin da littafin ɗakin gwaji. Motoci 57 an gwada su kafin saukewa. Lambobin dare sun bazu daga 15 zuwa 21, kamar na rana. Uku sun wuce ba gwaji a wani dare da mai gwajin yamma bai zo ba, amma ofishin akanta ya mayar da tikitocinsu, ba a biya ba sai da babban manaja ya sa hannu aka rage musu matsakaicin ragin wannan makon, da yardar dillalan. An rufe 3(b) da 3(c). 3(a) an bar ta a buɗe da ƙarin sharaɗi guda: a faɗi wanda zai maye gurbin mai gwajin yamma ranar da ba ya nan.

Awon dizal na mako takwas ya nuna man yana raguwa har a ranakun da janareta bai tashi ba, aka gano yoyo a mahaɗar bututun da ke ƙarƙashin tanki. Giɓin ya ragu bayan gyara, amma bai ɓace duka ba, batun yana nan a buɗe.

## Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

Rahoton Janairu bai yi ƙarya ba, binciken da ke ƙarƙashinsa ma daidai ne, motoci 22 ɗin gaskiya ne. Abin da ya kashe shi raba batu da shawara ne, domin a kamfani shafin shawarwari shi ne yake yawo, kuma wanda aka miƙa wa shawara ba tare da batunta ba zai auna kansa da ko ya yi abin da aka ce, ba da ko matsalar ta gushe ba. Da haka ne 11 cikin 14 suka kammalu alhali lissafin tikiti yana inda yake.

Jadawalin Afrilu ya yi amfani, kuma kowane odita ya kamata ya yi irinsa kafin ya saki rahoto, domin cikin awa kaɗan yana fito da shawarar da ba ta da batu da batun da ba shi da shawara. Amma lamba ɗaya a kan batu da shawara ba ta isa haɗi ba. Shawarar da take cewa a tabbatar ana bin doka juya abin da aka tarar ne kawai: an tarar ba a gwaji, sai a ce a riƙa gwaji. Da aka matsa a kanta, abin da ya sauya shi ne takarda, kuma tikiti mai 14.0 na ƙarya ya fi tikiti mai gurbi a buɗe haɗari, domin na biyun yana nuna kansa.

Haɗin da ya riƙe shi ne wanda ya bi ta gurbin dalili. Ana iya gwada kowace shawara da tambaya biyu. Ta farko: wane dalili ne a rubuce a batun wannan shawara take cirewa? Horo ya faɗi a nan, domin babu inda aka rubuta rashin sani. Ta biyu: da an yi wannan shawara tun kafin kaka, waɗanne daga cikin motoci 22 ne ba za su wuce ba? 3(a) tana amsawa da 19, 3(c) da uku, 3(b) kuma tana tare kuɗin duk wadda ta kuɓuce wa biyun, kamar yadda ta tare ukun nan da aka gano a Disamba. Kyamarar ƙofa ba ta da amsa ko ɗaya, za ta dai ɗauki hoton motocin suna shiga.

Tsarin yana da tsada. Batu na 3 ya ci ƙarin kusan mako biyu na aikin mutum biyu, kuma ba kowane batu ne ya cancanci haka ba. Na buhunan da ba a ƙirga ba an rubuta dalilinsa a layi ɗaya, cewa ba a ba kowa aikin ba, shawararsa ma layi ɗaya ce, aka ba ma'ajin sito.